HUJJOJIN DA AKE TARAWA BAYAN HAƊARIN MOTA DOMIN NEMAN DIYYA

Wanda haɗarin mota ya rutsa da shi, ko iyalan wanda ya rasu a cikinsa, suna da ikon neman diyya daga direban da ya yi ganganci, ko mai motar, ko kamfanin inshorar da ya ɗauki nauyinta. Sai dai alƙali da jami'in inshora ba su wurin lokacin da abin ya faru, don haka abin da aka ajiye a gabansu kawai za su duba. Abubuwa uku ake so mai neman diyya ya tabbatar: wace mota ce ta yi ɓarnar kuma ta wane ce, yaya aka yi haɗarin ya auku har laifi ya hau kan direbanta, sannan mene ne ainihin abin da aka yi hasara. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gurgunce, sauran biyun ba sa tsayawa da ƙafarsu.

Hujjojin kuma ba su da tsawon rai iri ɗaya. Sawun taya a kan kwalta yakan ɓace cikin sa'o'i kaɗan, shaidu sukan watse kafin la'asar, amma takardun asibiti ana iya bin sawunsu bayan makonni. Saboda haka wannan bayani ya bi su ne gwargwadon saurin ɓacewarsu. Domin a gane sosai, za mu yi tafiya da misali guda: a ɗauka wani manomi ne ya ɗauko buhu biyu na albasa a kan babur ɗinsa zuwa kasuwar ƙauye, wata babbar motar kaya ta zo wuce wata mota, ta shigo hannunsa ta buge shi, ƙafarsa ta karye.

Ceton rai ne farko

Babu wata hujja da ta kai ran mutum. A fara da kai wanda ya ji rauni asibiti, ko a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, ko lambar agajin gaggawa ta ƙasa 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Aikin tara hujja ba na wanda ke kwance cikin jini ba ne. Na ɗan'uwansa ne, ko abokin tafiyarsa, ko mai unguwar wurin. In mutane sun taru, a raba aikin: wasu su bi majinyaci, mutum ɗaya mai natsuwa kuma ya tsaya a wurin da wayarsa da takarda da biro.

Wace mota ce, kuma ta wane ce

Lambar mota ita ce bakin zaren duka. A rubuta ta, a kuma ɗauki hotonta gaba da baya. A manyan motoci masu jan bodi, wani lokaci lambar da ke kan motar daban take da wadda ke jikin bodin, har ma masu su kan zama mutane biyu daban, saboda haka a ɗauki duka biyun. A haɗa da launin motar da kowane rubutu da ke jikin ƙofarta, kamar sunan kamfani, ko lambar da kamfanin ya ba motar, ko tambarin ƙungiyar direbobi da sunan tashar da take lodi. Idan lambar ta jabu ce ko laka ta rufe ta, irin waɗannan alamomi ne ke kai mutum ga mai motar.

Dalilin neman mai mota shi ne, galibi direba ɗan aiki ne wanda ba shi da abin da zai biya. A doka, wanda ya ɗauki direba aiki yana ɗaukar alhakin gangancin da direban ya yi a bakin aikinsa. Don haka takardar kayan da motar ta ɗauko, da maganar yaron mota kan inda suka fito da inda za su, suna da amfani, domin su ke nuna cewa tafiyar ta maigida ce. A nemi ganin lasisin direba da takardun mota da takardar inshora, a ɗauki hotonsu. In direban ya ƙi, kada a yi rigima da shi. 'Yan sanda za su karɓa daga baya, sai a roƙi jami'in da ke bincike ya bari a kwafi sunan kamfanin inshorar da lambar takardar.

Doka ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Ga manyan motocin dakon kaya iyakar ta kai miliyan 5. Wannan iyaka ta dukiya ce, lissafin rauni da rasa rai daban yake. Matsalar ita ce takardun inshora na jabu sun yi yawa a hannun direbobi, wasu ma ba su san na jabu ne suke riƙe da su ba. Ana iya tantancewa nan take ta waya, ko da ƙaramar waya ce, ta danna:

```
*565*11#
```

Sai a bi umarnin da ya fito, a shigar da lambar motar. Mai babbar waya yana iya dubawa a shafin askniid.org. In sunan kamfani ya fito, a duba ko wa'adin inshorar ya haɗa da ranar haɗarin, a ɗauki hoton abin da ya fito. In bai fito ba, ba a rasa haƙƙi ba, amma an san tun da wuri cewa da mai motar za a yi, ba da kamfani ba.

Fasinjan motar haya kuma ya tuna da takardar sunayen fasinjoji da ake cikewa a tasha kafin mota ta tashi. Ita ce shaidar cewa yana cikin motar. Wanda ya hau a bakin hanya ba shi da wannan, sai ya dogara da sauran fasinjoji da rajistar asibiti.

Wurin da abin ya faru

A nan ne aka fi yin asara, domin kowa na gaggawar a buɗe hanya. Kafin a ja mota ko a ɗaga babur, a ɗauki hoto, amma da tsari. Yawancin mutane sukan matsa kusa su ɗauki inda ƙarfe ya lotse, alhali wannan hoton ɓarna kawai yake nunawa, ba ya nuna mai laifi. A ja da baya kamar taku ashirin ko talatin, a ɗauki titin gaba ɗaya daga ɓangaren da motar ta fito, sannan a zagaya a ɗauka daga ɓangaren da babur ya fito, yadda za a ga gefen titi biyu da layin tsakiya in akwai, da wani abu da ba ya gusawa, kamar turken wutar lantarki ko kwalbati ko allon makaranta. Bayan haka ne za a matso kusa. Mai tsayawa kan titi domin hoto ya sa wani ya riƙa duba masa motocin da ke tahowa.

Abin da ya kamata a gane shi ne, inda abin hawa ya tsaya ba nan ne aka yi karon ba. A misalinmu, babbar motar na iya jan babur ɗin taku da yawa, ko direban ya koma hannunsa kafin ya tsaya, sai wanda ya zo daga baya ya ga kamar mai babur ne ya je ya same shi. Abin da ke nuna gurbin karo shi ne tarkacen da ya zube: fasasshen gilashin fitila, busasshiyar lakar da ta kakkaɓo daga ƙarƙashin mota, farkon inda ƙarfen babur ya karci kwalta, da wurin da albasa ta fara warwatsuwa. In waɗannan suna hannun mai babur, to motar ce ta ƙetaro. Sawun birki kuma a auna tsawonsa, ko da da taku ne, a rubuta. Tsawonsa na ba da haske kan gudu, inda ya fara kuma na nuna hannun da motar take lokacin da direba ya taka birki. Rashin sawun ba ya wanke kowa, domin motocin zamani da dama ba sa barin sawu sosai, haka ma jiƙaƙƙen titi. A ɗauki hoton fentin motar da ya goge a jikin babur, da tayoyin motar in sun suɗe. In an matsa dole a buɗe hanya, a zana gurbin tayoyi da gawayi ko alli tukuna.

Hotunan nan a bar su a cikin wayar da ta ɗauke su. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi hoto da bidiyo na waya a kotu, amma da sharaɗin a yi bayanin na'urar da ta samar da su da cewa tana aiki daidai, kuma akan buƙaci takardar shaida a kan haka. Hoton da ya bi hannu biyar ta WhatsApp ya rasa bayanin ranar da aka ɗauke shi, ba a kuma san wanda zai tsaya ya ce shi ya ɗauka ba. A tura kwafi ga wani domin ajiya, amma kada a goge na asali, kada a yi masa kwaskwarima, kada kuma a sayar da wayar kafin a ga lauya.

Wajibi ne a ja hankalin dagatai da masu unguwanni kan abu ɗaya. Idan matasa suka fusata suka ƙone motar, ban da laifin da suka aikata, sun ƙone hujjar ɗan'uwansu: takardun da ke cikinta, da birkin da za a duba, da fentin da za a gwada. Sun kuma ba mai motar damar cewa shi ma yana bin garin diyya. Tsoron irin wannan ne ke sa direbobi da yawa su gudu su bar mota. Kare direba a miƙa shi ga hukuma yana cikin amfanin wanda aka buge.

Shaidu

Shaidar wanda ba shi da dangantaka da kowa ta fi nauyi: mai shayi, mai faci, direban motar da ake ƙoƙarin wucewa. A tambayi kowa abu ɗaya, shin ya ga karon da idonsa, ko ƙara ya ji ya waiwayo? Wanda ya zo bayan an yi, komai yawan abin da ya ji, ba shaidar yadda aka yi ba ne, kuma kotu ba ta aiki da ji-ta-ji-ta. Mutum biyu da suka gani sun fi goma da aka ba labari.

A ranar kasuwa yawancin waɗanda ke wurin baƙi ne. Saboda haka lambar waya kaɗai ba ta isa ba, domin layi kan ɓata. A rubuta cikakken suna da sunan da aka fi saninsa da shi, da ƙauyensu, da sana'arsa, da lambar wani nasa. In ya amince, a naɗi bayaninsa a waya a ranar, ya faɗi inda yake tsaye da abin da ya gani da bakinsa, ba tare da an ɗora masa magana ba. Wannan naɗi ba ya maye gurbin zuwansa kotu, amma yana tuna masa bayan shekara guda. Kada a ba shaida kuɗi ban da na mota; in ɗaya ɓangaren ya gano, shaidar ta zube.

Shi ma mai haƙƙi ya kula da harshensa. Al'adarmu ce a ce “ba komai, ƙaddara ce”, kuma yafiya haƙƙin mai ita ce in ya ga dama. Amma kada ya furta a gaban jama'a ko a takarda cewa laifinsa ne alhali bai gama sanin abin da ya faru ba.

'Yan sanda da taswirar haɗari

A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, ko da ana shirin sulhu. Sashen kula da zirga-zirgar motoci ne ke aiko jami'i ya auna wurin ya zana taswira, wadda ake so direbobin biyu ko wakilansu su sa wa hannu. Wannan 'yar takarda tana da nauyi ƙwarai daga baya, don haka kada a sa hannu ko a dangwala yatsa sai an fahimce ta. A duba an nuna gurbin karo daidai, an nuna hannun da kowa ke bi, an rubuta faɗin titi da tsawon sawun birki, an kuma sa ranar. In an zana ta bayan an kawar da motoci, a nemi a rubuta hakan. Wanda ba ya karatu ya zo da wanda ya amince da shi ya karanta masa, haka kuma bayanin da aka rubuta da sunansa a ofis, a karanta masa a fassara kafin ya sa hannu. A misalinmu mai babur yana asibiti lokacin da ake awo, to in ba wani nasa a wurin, maganar direban babbar mota kaɗai jami'in zai ji.

A rubuta sunan jami'in da ke bincike da lambarsa da ofishinsa, domin akan yi musu canjin wurin aiki, kuma shi ake kira ya yi bayanin taswirar. 'Yan sanda kan gayyaci jami'an duba lafiyar motoci su bincika motar, rahotonsu shi ke nuna ko birki ko sitiyari ko taya na da matsala tun kafin karon. A tabbatar an yi wannan kafin a saki motar. Jami'an kiyaye haɗurra su ma suna rubuta bayanin haɗarin da suka halarta da sunayen waɗanda suka kwasa zuwa asibiti. Duk waɗannan takardun hukuma ne, saboda haka abin da ake nema shi ne kwafin da ofishin ya buga wa hatimi ya tabbatar da shi. Kwafin da aka yi a shago kotu kan ƙi karɓarsa.

Gurfanar da direba kan tuƙin ganganci shari'a ce daban da ta neman diyya. Amma in an same shi da laifi, ko ya amsa da bakinsa, a nemi tabbataccen kwafin hukuncin, domin yana taimakawa a shari'a ta biyu.

Takardun asibiti

Aikin waɗannan takardu shi ne su ɗaure raunin da haɗarin. Katin da aka yanka a ranar, wanda ma'aikaci ya rubuta cewa haɗarin mota ne ya kawo majinyaci, shi ne ƙulli na farko. A tabbatar sunan da aka rubuta shi ne na katin shaidarsa; ana yawan samun wanda aka yi wa rajista da laƙabi cikin ruɗani, daga baya takardu su ƙi haɗuwa. A faɗa wa likita duk inda ke ciwo, har da ƙananan, musamman buguwar kai da wuya da ciki, waɗanda illarsu kan bayyana bayan kwanaki. Ciwon da bai shiga fayil ba sai bayan wata biyu, kamfanin inshora zai ce daga wani wuri ya samo asali. A ajiye hoton ƙashi da takardun gwaji da takardar sallama, a kuma ɗauki hoton raunin a farko da lokacin da yake warkewa.

Maganar ɗori tana buƙatar a faɗe ta a fili, tun da a karkara ita ce hanyar da mutane da yawa ke bi. In iyalai suka sa hannu suka ɗauke majinyaci daga asibiti ba da yardar likita ba, wannan takarda tana nan a fayil. Idan ƙafar ta warke a karkace, ko ta rube har aka yanke, ɗaya ɓangaren zai ce ba motarsu ce ta jawo nakasar ba, ɗorin ne, kuma hujja ce mai wuyar turewa. Wanda ya ƙudura sai ya je wurin mai ɗori, aƙalla ya bari a yi hoton ƙashi likita ya rubuta abin da ya gani tukuna, ya kuma koma a sake dubawa daga baya.

Rahoton likita iri biyu ne. Na farko yana bayyana raunin da maganin da aka yi. Na biyu, wanda ya fi tasiri wajen yawan diyya, ana rubuta shi ne bayan jiki ya daidaita, ya faɗi ko an sami nakasa ta dindindin, da gwargwadonta, da ko akwai sauran aiki a gaba, kamar cire ƙarfen da aka sa a ƙafa. Ga manomi, a roƙi likita ya faɗi a sarari ko zai iya komawa noma da ɗaukar kaya.

Idan rasuwa aka yi, gaggauta jana'iza ba ya hana a sami hujja. Kafin a ɗauki gawa, a sanar da 'yan sanda, a kuma nemi likita ya duba ya ba da takardar da ke nuna sanadin mutuwa. Daga baya a yi rajistar rasuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sannan a tara abin da ke nuna waɗanda mamacin ke ciyarwa, wato mata da 'ya'ya da iyaye, da shekarunsu, da abin da yake samu. Ko a babbar kotu za a nemi haƙƙin ko a kotun shari'ar Musulunci, sai an tabbatar da wanda ya yi sanadi da kuma su wane ne magada.

Lissafin hasara

Kotunan ƙasar nan sun raba diyya gida biyu. Akwai wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa saboda azaba da nakasa. Akwai kuma kuɗin da aka kashe ko aka rasa, wanda dole mai ƙara ya jera shi ɗaya bayan ɗaya ya kuma tabbatar da kowanne. A wannan kashi na biyu ne mutanen karkara suka fi cutuwa, saboda yawancin cinikinmu ba a rubuta shi.

Mu koma ga manominmu da alƙaluman misali. Ya biya asibiti da tiyata naira 310,000, duk da rasit. Ya sayi magani a kemis na 90,000, amma rasit na 35,000 kawai aka karɓo. Ya yi zuwa asibiti sau 8 a motar haya, kowane zuwa 6,000, wato 48,000, ba a rubuta ko ɗaya ba. Gyaran babur ya ci 140,000, bakanike ya ba da takarda. Albasa buhu biyu ta lalace, kimanin 100,000. Ya kuma ɗauki 'yan ƙwadago a kan 75,000 su yi masa aikin gonar da da shi zai yi da kansa. Jimla 763,000. Abin da ke da takarda 485,000 ne. Albasar za ta iya shiga in akwai hotonta a warwatse kan titi kuma dillalin kasuwa ya shaida farashin buhu a makon, sai a kai 585,000. Ragowar 178,000 ta rataya ne a kan maganar bakinsa. Alƙali na iya gaskata shi in ba a musanta ba, amma kamfanin inshora da wuya ya biya abin da bai gani a rubuce ba.

Maganin wannan littafin makaranta ne guda ɗaya. Tun daga ranar farko wani a gidan ya riƙa rubuta kwanan wata, da abin da aka biya, da wanda aka ba, da boko ko da ajami. Inda ba a ba da rasit, kamar direban haya da 'yan ƙwadago, wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala a gefen layin. In ta waya aka tura kuɗi, a bar saƙon banki. Ƙananan rasit da injin ke fitarwa rubutunsu kan dushe cikin watanni, musamman a zafi, don haka a yi musu kwafi ko hoto da wuri, a kuma adana takardun duka cikin leda nesa da damshi da gara.

Kada a gyara babur ko mota sai an ɗauki hotonsu, jami'an duba motoci sun gani, an kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce an ba shi damar turo mai dubawa. A karɓi ƙiyasin bakanike a rubuce kafin aiki, a ajiye kayan da aka cire. Takardar sayen babur ma ana buƙatarta, domin sai mai abu ke neman diyyarsa. Game da abin da aka rasa na sana'a a lokacin jinya, ma'aikaci na da takardar albashi. Ɗan acaba na iya kawo littafin da yake biyan balas ko shaidar ƙungiyarsu. Mai kiwon da aka kashe masa dabba ya ɗauki hotonta a wurin kafin a yanka ko a kawar, ya sami shaidar sarkin tike kan kimarta. A guji ƙari a kan gaskiya. Rasit ɗaya na ƙarya in aka gano shi, yana jefa shakku kan sauran na gaskiya, ban da kasancewarsa laifi.

A sani kuma ɗaya ɓangaren shi ma yana tara tasa hujjar. In ya nuna mai babur ba shi da fitila, ko ya yi lodin da ya hana shi sarrafa babur, ko bai sa hular kwano ba alhali a kai ya ji rauni, kotu na iya rage diyyar gwargwadon nasa sakacin. A faɗa wa lauya irin waɗannan tun farko.

Sulhu da wa'adi

Yawancin irin waɗannan al'amura a zauren dagaci ko ofishin ƙungiyar direbobi suke ƙarewa, kuma ba laifi a ciki. Abin lura shi ne rubutun. Mai mota kan kawo wani abu a makon farko “na magani”, ya miƙo takarda a sa hannu. In takardar ta ce an karɓi kuɗin a matsayin cikakkiyar diyya kuma ba sauran magana, to an rufe ƙofa, ko da daga baya likita ya ce sai an sake tiyata. In somin-taɓi ne, a rubuta ƙarara cewa wani ɓangare ne na kuɗin jinya. Basaraken da ya jagoranci zaman ya tabbatar an rubuta ranar da lambar motar da sunan mai ita da adadin kuɗi da lokacin biyan ragowa, an karanta wa kowa da Hausa, shaidu sun sa hannu, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa. Haka ma takardar sallamar da kamfanin inshora ke bayarwa kafin ya biya, a karanta ta da kyau. Wanda ke ganin kamfani na yi masa jan ƙafa yana iya kai kuka ga NAICOM, kuma kwafin wasiƙun da ya aika, masu ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata, su ne abin da za a fara tambayarsa.

Doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha da kuma irin ƙarar. Mafi gajarta shi ne idan motar hukuma ce ta yi ɓarnar a bakin aiki: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Kada a ɗauka zaman sulhu ko jiran alkawari yana tsayar da wannan lissafi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙararrakin neman diyyar haɗari ga marasa ƙarfi. Ya tafi da takardun asali domin a gani, amma kwafi zai bari a can.